Tambayoyi da amsoshi kan rubuta sashen rashin tabbas a rahoton gwaji

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin ɗaliban kimiyya a nan Maradi, na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da na manyan azuzuwan lise, duk lokacin da aka zo rubuta rahoton aikin ɗakin gwaji. Gwaji guda za mu bi daga farko har ƙarshe: an ba ku guntun alminiyom mai siffar gwangwani, irin wanda masu zubin tukwane suke narkawa, an ce ku nemo ρ, wato giram nawa ne a cikin kowane santimita kubik nasa. Abu uku za ku auna: nauyi m da sikeli, sai faɗi d da tsawo h da ma'aunin kauri mai karanta kashi ɗaya cikin goma na milimita. An rubuta lambobi da waƙafi, kamar yadda muke yi a makarantun Nijar.

1. Malam, mun auna da kyau, ba mu yi kuskure ba. Me za mu rubuta a wannan sashe?

Sashen ba wurin amsa laifi ba ne. Ko wanda ya fi kowa iya awo ba zai samu faɗin guntun nan daidai-wa-daida ba, saboda ma'aunin yana da iyakar abin da yake iya nunawa, guntun kuma bai zagaye cif ba. Abin da ake so ku faɗa shi ne: ga lambar da muka samu, ga kuma faɗin tazarar da muke kyautata zaton ainihin ƙimar tana ciki. In kun rubuta 2,68 kawai, mai karatu bai san ko tsakanin 2,65 da 2,71 kuke nufi ba, ko tsakanin 2,4 da 2,9. Na farko zai iya bambance alminiyom da wani ƙarfe mai kusan nauyinsa, na biyu ba zai iya ba.

Saboda haka sashen yana da aiki uku: ya nuna inda rashin tabbas na kowane awo ya fito, ya nuna yadda suka haɗu a cikin sakamako, sannan ya faɗi wanne ne ya fi yin ɓarna. Na ukun nan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Za mu zauna a kansa a tambaya ta 7.

2. Daga ina ake samo rashin tabbas na awo guda?

Daga wuri biyu. Akwai wanda maimaita awo yake nunawa, akwai kuma wanda ake sani daga na'urar kanta, ta takardarta ko ta mafi ƙanƙantar layin da ke jikinta. Ƙa'idar awo ta duniya da ake kira GUM, wadda ta fito a 1993 aka sake buga ta a 2008, tana kiran na farko nau'in A, na biyu nau'in B.

A ce kun auna faɗin guntun a wurare biyar, kuna juya shi, kuka samu 19,7 da 20,2 da 20,0 da 19,9 da 20,2 mm. Matsakaicinsu 20,0 mm ne. Warwatsuwarsu, wadda ake rubutawa da s, ta kai 0,21 mm. Amma ba awo guda za ku saka a lissafi ba, matsakaicin biyar ɗin za ku saka, shi kuwa matsakaici ya fi awo guda natsuwa. Don haka ake raba s da tushen murabba'in yawan awon, a nan √5, a samu 0,095 mm. Wannan shi ne nau'in A. Nau'in B kuwa, tunda ma'aunin ba ya nuna abin da ya gaza 0,1 mm, ana raba 0,1 da √12, a samu kusan 0,03 mm. In aka haɗa biyun ta hanyar da ke tambaya ta 4, sai a samu rashin tabbas na faɗi, wanda ake rubutawa u(d) = 0,10 mm.

A kula da na'urar lissafi. Tana ba da lamba biyu masu kama da juna, sx da σx, wadda kuke so ita ce sx. A kan awo biyar ɗin nan σx za ta ba ku 0,19 maimakon 0,21, ta rage muku rashin tabbas ba da saninku ba.

3. Na ɗora guntun a sikeli sau biyar, kullum 42,1 g yake nunawa. Ke nan rashin tabbas sifili ne?

A'a. Abin da hakan ya nuna shi ne warwatsuwar ta fi ƙarfin idon sikelin, ba wai babu ita ba. A irin wannan hali nau'in A ya yi shiru, sai a koma ga nau'in B: a duba takardar sikelin a ga abin da masu ƙera shi suka yi alkawari, wanda sau da yawa ya fi lambar ƙarshe da ke allonsa girma. A misalinmu mun ɗauki u(m) = 0,1 g. Tsawon kuma, da aka bi shi kamar yadda aka bi faɗi, ya ba da h = 50,0 mm da u(h) = 0,1 mm. Ku rubuta a rahoto inda kowace lamba ta fito, ko da jimla guda ce.

4. To, yaya ake haɗa su wuri guda?

Ya danganta da yadda awon suka shiga cikin lissafin. In tarawa ko debewa ake yi, ana haɗa rashin tabbas ɗin kansu, da ma'auninsu na mm ko g: a ninka kowanne da kansa, a tara, a ɗauki tushen murabba'i. In kuwa ninkawa ko rabawa ake yi, kamar a gwajinmu, sai a fara mayar da kowanne kaso cikin ɗari na abin da aka auna. Duk awon da aka ninka da kansa, kamar d², kasonsa yana ninkuwa da lambar da ke samansa, a nan 2.

```
ρ = 4m / (π d² h)
u(ρ)/ρ = √[ (u(m)/m)² + (2·u(d)/d)² + (u(h)/h)² ]
```

Nauyi ya ba da 0,1 cikin 42,1, wato 0,24 %. Tsawo ya ba da 0,1 cikin 50,0, wato 0,2 %. Faɗi ya ba da 0,1 cikin 20,0, wato 0,5 %, amma da yake d² ne a cikin lissafin, sai ya zama 1,0 %. A ninka kowanne da kansa, a tara, a ɗauki tushen murabba'i: 1,05 %. Girman guntun 15,71 cm³ ne, ρ kuma 2,680 g/cm³, kuma 1,05 % na wannan shi ne 0,028. Sakamako: ρ = 2,68 ± 0,03 g/cm³. Lamba 2 da ke gaban u(d) ita ce aka fi mantawa a rahotanni, kuma mantawa da ita a nan tana mayar da 1,05 % zuwa kusan 0,6 %. Lamba 4 da π ba su kawo komai ba, don ba auna su aka yi ba.

5. Me ya sa ba a tara su kai tsaye? A lise haka aka koya mana.

Tarawa kai tsaye tana ba da 1,44 %, wato ± 0,04 g/cm³. Ba ƙarya ba ce, amma amsar wata tambaya ce dabam: me zai faru in duk awon uku suka kauce iya kaucewa, kuma duk suka tura sakamako gefe guda? Hakan yana iya faruwa, sai dai da wuya, in dai babu abin da ya ɗaure awon da juna. Sikeli bai san abin da ma'aunin kauri ya yi ba. Sau da yawa ɗaya zai ɗan ɗaga ρ, ɗaya ya ɗan sauke shi, su rage wa juna ƙarfi, kuma wannan ragewa ce tushen murabba'in yake lissafawa.

In malamin da zai duba rahotonku ya ce a tara kai tsaye, ku bi umarninsa, amma ku rubuta a fili cewa iyakar mafi muni kuka bayar. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a gauraya hanyoyin biyu cikin rahoto ɗaya ba tare da an faɗa ba. Akwai kuma halin da tarawa kai tsaye ita ce daidai, yana tambaya ta gaba.

6. Da ma'auni ɗaya muka auna faɗi da tsawo. Akwai damuwa?

Akwai, in ma'aunin yana da aibi na dindindin. Ku rufe bakinsa ruf kafin ku fara aiki ku duba. A ce maimakon sifili yana nuna 0,1 mm, saboda ya tsufa ko ƙurar hunturu ta shiga tsakanin haƙoransa. To, kowane awo da kuka yi da shi ya ƙaru da 0,1 mm, faɗi da tsawo duka, kuma gefe ɗaya suka karkata. Maimaita awo sau ɗari ba zai nuna wannan ba, domin duk ɗarin da ƙarin suke zuwa. A nan awon biyu ba su da ƴanci daga juna, babu ragewar da muka ambata a tambaya ta 5, sai tasirinsu ya taru kai tsaye: 1,0 % da 0,2 %, jimla 1,2 %.

Maganin irin wannan ba faɗaɗa ± ba ne, gyara ne. A cire 0,1 daga kowane awo: faɗi ya koma 19,9, tsawo 49,9, girma 15,52 cm³, ρ kuma ya tashi daga 2,68 zuwa 2,71. Kun ga gyaran ya kai girman dukan rashin tabbas ɗin da muka lissafa. A rahoto sai ku ce kun duba sifilin ma'aunin, ga abin da ya nuna, ga gyaran da kuka yi. In kun duba kun tarar lafiya lau, shi ma ku faɗa, domin jimlar nan guda tana toshe tambayar da mai duba rahoto zai fara yi. A sauran amsoshin mun ɗauka sifilin lafiya yake.

7. Mun gama lissafi. Me ake rubutawa a tattaunawar kanta?

Ku koma cikin tushen murabba'in na tambaya ta 4 ku dubi lambobi ukun kafin a tara su: faɗi ya kawo 1,00, nauyi 0,06, tsawo 0,04. Jimla 1,10. Ke nan faɗi shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 91 cikin ɗari. Wannan shi ne labarin gwajin, kuma da shi ya kamata tattaunawar ta buɗe. Ko da an kawo muku sikelin da ya fi wannan kyau sau goma, 1,05 % zai sauka ne zuwa 1,02 % kawai, ± 0,03 ɗin ba zai motsa ba. Wanda ya rubuta cewa a inganta gwajin da sikeli mai kyau ya nuna bai karanta lissafin da ya yi da hannunsa ba.

Sai ku ƙara taki ɗaya: me ya sa faɗin ya fi ɓarna? Dalili biyu ne, yana shiga lissafi sau biyu, kuma awonsa ya warwatsu daga 19,7 zuwa 20,2. Tambaya ta 2 ta nuna cewa ma'aunin 0,03 mm kawai ya kawo, warwatsuwa kuwa 0,095 mm. Ashe ba ma'aunin ne mai laifi ba, guntun ne bai zagaye ba. Don haka kawo ma'auni mai karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba zai yi maganin komai ba. Abin da zai taimaka shi ne auna faɗin a wurare 20 maimakon 5, wanda zai rage nau'in A da kusan rabi, ko a nemo girman ta hanyar da ba ruwanta da siffa, kamar auna nauyin guntun a rataye cikin ruwa.

Ga yadda sakin layin zai iya kasancewa: "Mun samu ρ = 2,68 ± 0,03 g/cm³. Kusan kashi 91 cikin ɗari na rashin tabbas ɗin daga faɗi ya fito, domin yana shiga lissafi a matsayin d², kuma awo biyar da muka yi sun bambanta da har 0,5 mm, abin da ke nuna guntun bai zagaye daidai ba. Gudummawar nauyi da ta tsawo ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba in an haɗa su. Ƙara yawan awon faɗi zai fi canja sikeli amfani." Jimla huɗu ke nan, kowacce da lambar da ta tsaya a kai.

8. Zan iya rubuta "kuskuren ɗan'adam", da zafi, da iskar fanka a matsayin dalilai?

"Kuskuren ɗan'adam" ba ya gaya wa kowa komai, ku bar shi. In kun karanta ma'auni ba daidai ba, sake awon za ku yi. Sauran dalilan kuwa, sharaɗinsu ɗaya ne: duk wanda kuka ambata, ku ƙiyasta girmansa, ku faɗi gefen da yake tura sakamako.

Mu ɗauki zafi, tunda shi ɗaliban garin nan suka fi kawowa, kuma da hujjarsu: lambobin littafi yawanci na digiri 20 ne, ɗakin gwaji kuwa a watan Afrilu yana iya kusantar 40. Alminiyom yana miƙewa da kusan kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri, girmansa kuma ninki uku na haka. A kan digiri 20 na bambanci, girman zai ƙaru da 0,14 %, ρ ya ragu da kusan 0,004 g/cm³. Kusa da 0,03 wannan ba abin lissafi ba ne. Rubuta haka, da lambarsa, ya fi jera dalilai goma marasa awo daraja, don ya nuna kun tuhumi zafin kun wanke shi. Fanka kuma a kashe ta kafin a ɗora abu a sikeli, maganarta ta ƙare.

9. Littafi ya ce alminiyom 2,70 ne, mu 2,68 muka samu. Mun faɗi ke nan?

Ba a kwatanta lamba da lamba tsirara, bambancin ake aunawa da rashin tabbas. Tsakanin 2,70 da 2,68 akwai 0,02, rashin tabbas ɗinku 0,03, bambancin bai ko cika u guda ba. Sai ku rubuta cewa sakamakon ya dace da ƙimar littafi a cikin iyakar rashin tabbas. Kada ku ce kun tabbatar guntun tsantsar alminiyom ne, domin akwai gauraye-gaurayensa da yawa da ρ ɗinsu ya faɗo cikin tazarar nan, gwajinku ba zai iya raba su ba.

Da 2,55 ± 0,03 kuka samu, bambancin ya zama u biyar, kuma sa'a kaɗai ba ta kawo haka. Nan ne za a nemi dalili na gaske. Gefen da aka kauce yana ba da haske: ƙarfen zubi yakan ɓoye ƙananan ramukan iska a ciki, su kuwa rage ρ suke yi, yayin da gaurayen tagulla ko tutiya ɗaga shi yake yi. Ma'aunin da ke ƙara tsawo, kamar na tambaya ta 6, shi ma ragewa yake yi. Abin da bai halatta ba shi ne a koma a kumbura u don tazarar ta rufe 2,70, ko a goge awon da bai yi daɗi ba a yi shiru. In akwai dalilin cire wani awo, a bar shi a jadawali a rubuta dalilin.

10. Lamba nawa zan bari, kuma mene ne k = 2 da nake gani a wasu rahotanni?

A fara da rashin tabbas: a bar masa lamba ɗaya mai ma'ana, ko biyu in ana son ci gaba da lissafi da shi. Sannan a yanke sakamako a daidai wurin da shi ya tsaya. 2,68017 ± 0,03 ba daidai ba ne, 2,7 ± 0,03 ma haka. Yankewar a ƙarshe ake yin ta, ba a tsakiyar lissafi ba.

Shi u da muka lissafa, tazararsa tana da damar kusan kashi 68 cikin ɗari ta ƙunshi ainihin ƙimar. In an ninka shi biyu, wato k = 2, damar takan kai kusan 95, sai a rubuta 2,68 ± 0,06 g/cm³ (k = 2). Dole a faɗi wanne aka bayar, in ba haka ba mai karatu zai iya ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayan. Ga masu zurfafawa: a gwajinmu kusan komai ya rataya ne a kan awo biyar kacal, kuma ga awo biyar jadawalin Student yana ba da 2,78 don kashi 95, ba 2 ba. Wannan ma wani dalili ne na ƙara yawan awon faɗi.

11. Wani rukuni sun tsoma guntun a kwalbar awo mai ruwa, suka samu 2,63. Namu ko nasu?

Ku lissafa nasu ku gani. Ruwan ya tashi daga 50,0 zuwa 66,0 mL, kowane karatu da rashin tabbas na 0,5 mL. Debewa ce, don haka ana haɗa 0,5 da 0,5 ta tushen murabba'i, a samu 0,7 mL a kan 16,0 mL. Kowane karatu shi kaɗai bai wuce 1 % ba, amma bambancinsu ya ɗauki 4,4 %. Haka debewa take: lambar tana ƙanƙancewa, rashin tabbas yana girma. Nasu ya zama 2,63 ± 0,12, naku 2,68 ± 0,03. Ba su saɓa wa juna ba, tazarar tasu ta haɗiye taku gaba ɗaya, sai dai taku ta fi tasu matsewa sau huɗu. Da kwalba siririya mai ƙananan layuka suka samu, da nasu ya gyaru sosai.

12. Lissafinmu yana da wuya, ba ninkawa da rabawa kawai ba ne. Akwai wata hanya?

Akwai, kuma tana da kyau wajen duba aikin da aka yi da hannu. A rubuta lissafin a Excel ko LibreOffice, a samu sakamako. Sai a ƙara wa awo ɗaya rashin tabbas ɗinsa, a bar sauran yadda suke, a rubuta yawan motsin da sakamakon ya yi. A mayar da shi, a yi wa na gaba. A gwajinmu, mayar da d zuwa 20,1 yana motsa ρ da 0,0266, mayar da m zuwa 42,2 yana motsa shi da 0,0064, mayar da h zuwa 50,1 kuma da 0,0053. In motsin uku suna cikin B2 zuwa B4, a Excel na Faransanci sai a rubuta:

```
=RACINE(SOMME.CARRES(B2:B4))
```

Amsar 0,028 ce, daidai da ta tambaya ta 4, kuma jerin motsin ya riga ya ba ku abin da tambaya ta 7 take nema. Hanyar tana da iyaka biyu. Tana ɗauka cewa awon ba su ɗaure da juna ba, kuma tana aiki ne in rashin tabbas ɗin ƙarami ne idan aka gwada shi da abin da aka auna. Don ku gane ko kun wuce iyaka, ku gwada ragewa bayan ƙarawa: in motsin sama da na ƙasa sun bambanta sosai, kamar yadda yakan faru in ana rabawa da ƙaramin bambancin lambobi biyu, to ± guda ba zai wadatar ba, sai a rubuta iyakar sama da ta ƙasa kowacce dabam.